Muhawara: Shin a ɓagas Turawa suka ba mu mulkin kai?

Nasiru Mabera: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya bayan Isha'i gardama ta kaure a majalisarmu. Wani abokinmu ya dage cewa Nijeriya ba ta yi gwagwarmayar komai ba, wai Turawa ne suka gaji suka naɗe tabarmarsu, shugabanninmu kuwa suka je Landan suka karɓo takarda. Ya ce ku dubi Aljeriya da Kenya, can aka zubar da jini, mu a ɓagas muka samu. Maganar ta tsaya mini a rai, don na san ba haka kawai ba ne, amma na rasa abin da zan kare kaina da shi. Malam Umaru, don Allah a taimaka.

Kwamared Sani Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Nasiru, ka faɗa wa abokinka ya je ya tambayi labarin 1945. Ma'aikata ne suka kori Bature, ba kowa ba. Michael Imoudu, shugaban ma'aikatan reluwe, ya tsayar da jirgin ƙasa, ya tsayar da tashar jiragen ruwa, ƙasa ta tsaya cik. Daga ranar nan Turawa suka san zamansu ya ƙare. 'Yan siyasa daga baya suka zo suka girbe abin da leburori suka shuka.

Malam Umaru Tambuwal: Wa alaikumus salam. Kwamared, ka kama bakin zaren, amma ka ja shi da ƙarfi. Bari mu bi yajin aikin nan a hankali, don a cikinsa amsar Nasiru take.

Abu na farko, ma'aikatan 1945 ba mulkin kai suka nema ba. Kuɗi suka nema. Yaƙin duniya na biyu ya sa kaya sun yi tsada ƙwarai, gishiri da kananzir da atamfa sun zama sai wane da wane. A 1942, zamanin Gwamna Bourdillon, an ba ma'aikata wani ƙari da ake kira kuɗin tsadar rayuwa, wanda su ma'aikatan ke ce wa kola. Aka yi alkawarin za a riƙa duba shi in farashi ya tashi. Farashi ya tashi, ba a duba ba. A watan Maris na 1945 ƙungiyoyin ma'aikatan hannu na gwamnati suka rubuta suna neman a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kolar, kuma mafi ƙarancin ladan lebura ya zama sule biyu da sisi a yini. Gwamnati ta amsa cewa in aka ƙara kuɗi a hannun mutane alhali kaya ba su ƙaru a kasuwa ba, tsada ce za ta ƙaru. Abin da ya ƙona wa ma'aikata rai shi ne, a wannan lokacin ana ba ma'aikata Turawa wasu alawus na iyalansu. Kuɗin da babu su in baƙar fata ya tambaya, akwai su in Bature ya tambaya.

Suka ba da wa'adi zuwa 21 ga Yuni. Da ranar ta matso, shugabannin ƙungiyoyin, irin su T. A. Bankole, suka so a ɗaga da mako biyu, don doka ta buƙaci sanarwa kuma suna tsoron kamu. A nan Imoudu ya shigo. An tsare shi tun 1943, bai daɗe da komowa Ikko ba, a farkon watan Yuni, kuma ma'aikatan reluwe suna jin maganarsa fiye da ta kowa. Ya ce ba ɗagawa. Ranar 22 ga Yuni aiki ya tsaya. Ma'aikata dubu talatin zuwa sama suka fita, kuma a Ikko sai da aka yi kwana 44, a wasu larduna ma ya zarce haka.

Ku lura da waɗanda suka fita: reluwe, tashar jirgin ruwa, gidan waya, ma'aikatar ayyuka, maɗaba'ar gwamnati. A ƙasar da manoma suka fi kowa yawa, waɗannan 'yan kaɗan ne. Amma mulkin mallaka a kan dogo da waya yake tafiya. Gyaɗa da auduga da kuza sai sun kai bakin teku kafin su zama kuɗi, umarnin Gwamna kuma sai ya bi waya kafin ya kai ga Razdan. In waɗannan suka tsaya, ba ka buƙatar kowa da kowa.

Hajiya Asabe Gusau: Malam, Allah ya ƙara sani. Wanga labari a gidanmu anka yi shi. Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, yana cikin masu gyaran dogo tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda. Ya sha ba mu labarin cewa ba su ji maganar yajin daga bakin wani shugaba ba, jirgi ne kawai bai zo ba ranar da anka saba ganin shi, sannan helimansu ya tara su ya ce daga Zariya an ce kowa ya aje diga da shebur. Abin da ya fi tunawa ba Turawa ba ne, yunwa ce. Damina ce, hatsin bara ya yi ƙasa, albashi babu. Innarmu ta sai da tasoshinta guda biyu na aure ta awo dawa. Wata mai tuwo kusa da tasha ta riƙa ba su bashi, tana zana layi da gawayi a bango, kowane layi kwano ɗaya. Ya ce da matar nan ta hana su, da sati na ukku sun koma aiki.

Malam Umaru Tambuwal: Allah ya gafarta masa, Hajiya. Mai tuwon nan ita ce rabin bayanin. A Ikko ma haka aka yi, matan kasuwa suka sassauta wa masu yaji, wasu masu gidajen haya suka ɗaga musu ƙafa. Ma'aikaci ba ya da rumbu. Tsawon yajin aiki ba ƙarfin zuciyar shugaba ke yanke shi ba, yawan kwanakin da unguwa za ta iya ciyar da mai yajin ne. Kuma kin tuna mana wani abu da 'yan birnin Sakkwato ya kamata su riƙe: dogo bai taɓa zuwa cikin garin nan ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Shi ya sa tsofaffin Gusau da Ƙaura ke da labarin 1945, na Kanwuri kuwa ba su da shi sosai.

Kwamared Sani Runjin Sambo: To ai maganata ke nan, Malam. Sun yi yaji, sun ci nasara.

Malam Umaru Tambuwal: Sun ci, amma ba a ranar ba, kuma ba abin da kake cewa suka ci ba. A farkon Agusta suka koma aiki ba tare da ƙarin a hannu ba. Abin da suka samu alkawari ne: ba za a kori kowa saboda yajin ba, kuma za a kawo mai bincike daga waje. Aka kawo Tudor Davies, ya fitar da rahotonsa a 1946, ya ce ma'aikata suna da gaskiya, aka ƙara kolar. Shekara goma sha biyar ta biyo baya kafin 1960. In da yajin ne kaɗai ya kori Bature, me ya zauna yi duk tsawon wannan lokaci?

Zainab Arkilla: Malam, a ba ni dama in shigo a nan, don aikina na jarida ne kuma wannan gaɓar ta fi damuna. Abin da ya mai da rigimar kola ta zama maganar ƙasa, jarida ce. Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, yana kuma da Daily Comet. Su biyun suka goyi bayan masu yaji kullum, suna nuna cewa ba maganar sule da sisi ba ce kawai, maganar wa ke yanke hukunci a ƙasar ce. Ranar 8 ga Yuli 1945 gwamnati ta hana buga su duka biyun. A ganina babban kuskuren gwamnati ke nan a duk rigimar. Kafin nan Azikiwe mai jarida ne kuma sakataren wata jam'iyya, NCNC, wadda ba ta cika shekara ɗaya ba. Bayan hanin sai ya zama mutumin da Turawa suka rufe wa baki saboda talakawa. Ya ce ana shirin kashe shi, ya koma Onica ya ɓuya. Abokan hamayyarsa a jaridar Daily Service suka ce ƙage ne, kuma har yau masana ba su haɗu a kan maganar ba. Amma mutanen gari sun yarda da shi.

Ribar ta fito a 1946. NCNC ta zaga ƙasa tana bayani a kan tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda aka rubuta ba tare da an tambayi 'yan ƙasa ba, tana tara kuɗin aika wakilai Landan. A zagayen nan shugaban jam'iyyar, Herbert Macaulay, ya kamu da ciwo a Kano, aka mai da shi Ikko ya rasu. Taron da suka riƙa samu a tashoshin jirgi, da yawansu mutanen yajin bara ne.

Bashir Gidan Igwai: Ai mu ma a Arewa muna da tamu, Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ita ce ta yaƙi Turawa da Hausa, Abubakar Imam ya hana su barci.

Zainab Arkilla: Yaya Bashir, a nan kam sai an gyara. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 a Zariya, kuma hukuma ce ta kafa ta, tare da Rupert East. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne a ba mutanen Arewa labarin duniya ta bakin gwamnati lokacin da yaƙi ke matsowa. Ba jaridar adawa ba ce irin Pilot, kuma ba za ta iya kiran mutane su yi yaji ba. Amma kada a raina ta. Malam Abubakar Imam ya buɗe shafin wasiƙu, malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka fara rubutu a kan cin hanci da zaluncin hakimai da ƙarancin makarantu. Mutumin da bai taɓa ganin an buga kukan talaka a takarda ba ya gani. Kakana ya ce a garinsu mutum biyu kaɗai ke karanta boko, in jarida ta zo a motar wasiƙu sai a shimfiɗa tabarma gindin darbejiya bayan La'asar, ɗaya ya karanta da ƙarfi, ya maimaita inda aka ce a maimaita. Kwabo ɗaya, kunne talatin.

A 1943 Imam na cikin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da aka kai Ingila. Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai, yawancinsu suka sa hannu, Imam bai sa ba. A ganinsa Arewa ba ta da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshi in Turawa suka tafi da wuri. Wanda ke neman zafi a Arewa kuwa, Comet yake karantawa, musamman bayan ta koma Kano a 1949. Sa'adu Zungur da mutanen NEPU can suke kai rubutunsu. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru, cikin lardin Sakkwato na wancan lokaci, ya ajiye aiki a 1950, kuma a Comet ya bayyana dalilansa.

Bashir Gidan Igwai: To ke nan Imam ɗan koren Turawa ne? Ni haka na fahimta daga bayaninki.

Baba Muhammadu Kanwuri: A'a ɗana, kada ka yi saurin yanke ma mutum hukunci. Ku yaran yanzu in mutum bai yi zagi ba sai ku ce ya sai da kai. Imam ya gana da Lugga a Ingila, ya faɗa mishi matsalolin Arewa ido da ido, ya ci gaba da rubuta mishi bayan ya komo. Wanga ba aikin ɗan kore ba ne. Kuma abin da ya hango shi ne Sardauna ya hango a 1953, anka zage shi a kai. Ni ina makarantar elemantare sa'adda anka yi abin, ina jin manya na magana a zaure cewa an yi ma wakilanmu ihu a Ikko. Mutanen Kudu na da lauyoyi da akawuna da injiniyoyi, mu muna da Barewa guda. In anka ce gobe Bature ya tafi, wa za ya zauna kujerar Di'o a Gwandu ko Argungu? Ba tsoron 'yanci munka yi ba, tsoron canjin ubangida munka yi.

Kwamared Sani Runjin Sambo: Ranka ya daɗe Baba, da girmamawa, amma NEPU ma 'yan Arewa ne, kuma ba su ji wannan tsoron ba. Tun 8 ga Agusta 1950 da aka kafa ta suke cewa talaka na ƙarƙashin mulki biyu, na Bature da na En'e. Su aka ɗaure, su aka yi wa bulala a kotunan alƙalai. Gambo Sawaba mace ce, an kai ta kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Wanda ya ce a jinkirta, yana da kujerar da jinkirin zai kare masa.

Baba Muhammadu Kanwuri: Ban musa an zalunci mutanen NEPU ba, ɗana. Na gani da idona an tasa ƙeyar wani tela a unguwarmu don ya liƙa alamar jam'iyya a shagonshi. Amma ka tuna Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan NEPU ba ne, shi ya tashi a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e. Gyara daga ciki ma gwagwarmaya ce.

Malam Umaru Tambuwal: Wannan gardamar ta Baba da Kwamared ta girme mu duka, ba za mu kashe ta yau ba. Bari in koma kan teburin shawara, don shi ne abokin Nasiru ke ganin kamar kyauta ce.

An shirya tsarin Richards ya yi shekara tara. Bai yi ba. Wakilan NCNC sun je Landan a 1947, Sakataren Ƙasashen Mallaka Creech Jones ya ce su koma gida su gwada tsarin tukuna, suka komo kusan hannu rabbana. Amma a Fabrairun 1948 aka harbe tsofaffin sojoji uku a Akara suna zanga-zanga, gari ya rikice, kuma binciken da ya biyo baya ya ce tsarin mulkin Gana ya tsufa tun kafin a fara aiki da shi. Sabon Gwamnanmu Macpherson ya iso a shekarar, bai jira irin haka ta same shi ba, ya ce a sake duba namu. A wannan karon aka tambayi mutane tun daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi. Ana cikin haka, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, waɗanda ke jan ƙafa wurin aiki saboda rigimar albashi. Mutum 21 suka mutu. Abokin Nasiru ya ce ba a zubar da jini ba, a faɗa masa wannan. 'Yan siyasar Kudu da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamiti ɗaya saboda kisan. Bayan wata biyu, a Janairun 1950, aka zauna babban taron Ibadan.

Ka ga yadda abin ke tafiya. Kowane zama na shawara, in ka waiwaya baya kaɗan, za ka ga abin da ya tilasta shi. Ingila ta fito daga yaƙi da bashi a wuya, Indiya ta tafi a 1947, ba ta da kuɗin riƙe Nijeriya da soja. Abin da take so shi ne ta miƙa mulki ga waɗanda za ta iya ci gaba da ciniki da su, kafin masu zafin kai su karɓe jama'a. Shi ya sa ta ɗaure matasan Zikist, masu zafin kai daga mabiyan Azikiwe, ciki har da Raji Abdallah, ta haramta ƙungiyarsu a 1950, amma ta ci gaba da zama da Azikiwe kansa.

A Ibadan Arewa ta yi nata cinikin, kuma ba da yaji ko jarida ta yi shi ba, da yawan jama'a da barazanar ficewa ta yi. Wakilanmu, da Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina a gaba, suka ce ko a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ko a koma yadda ake kafin 1914. Aka ba ta 68 cikin 136. Waɗannan kujerun ne suka yi aiki ranar 31 ga Maris 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a cire shekarar a sa "da zarar ya yiwu". 'Yan AG, jam'iyyar Awolowo ta Yamma, da na NCNC suka fice daga zauren. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano lokacin da wakilan AG suka zo yaɗa manufarsu, hukuma ta ƙirga mutum 36 da suka mutu. Nan da nan Sakataren Ƙasashen Mallaka Lyttelton ya kira taron Landan na 1953, aka ƙarasa a Ikko a 1954, aka koma tsarin tarayya, kowace jiha ta karɓi mulkin kanta ranar da ta shirya. Gabas da Yamma suka karɓa a 1957, Arewa ranar 15 ga Maris 1959, ƙasa gaba ɗaya 1 ga Oktoba 1960.

Nasiru Mabera: Malam, na gode ƙwarai. Amma akwai abin da na lura. Daga 1953 zuwa sama, kamar da juna muke ciniki, ba da Turawa ba. Kuma ban ƙara jin sunan Imoudu ba.

Malam Umaru Tambuwal: Ka lura da daidai. Daga 1953 maganar tafiyar Bature ta zama yaushe, ba ko zai tafi ba. Abin da ya rage a tebur shi ne wa zai riƙe Ikko, yadda za a raba kuɗin shiga, 'yan sanda na wa ne, da kukan ƙananan ƙabilu wanda aka kafa wa kwamitin Willink a 1957. Ma'aikata ba su da kujera a waɗannan tarurruka. Ƙungiyoyinsu sun rabu tun 1948 a kan ko su jingina da NCNC ko su tsaya su kaɗai, kuma rabuwar ta raunana su. A nan ina tare da Kwamared: an hau bayansu an haye, ba a waiwaye su sosai ba. Sai da suka sake yin babban yaji a 1964, wannan karon a kan gwamnatin 'yan ƙasa, kuma Imoudu na cikin jagorori.

Mamman Ƙonni: Salamu alaikum mutanen Sakkwato. Ni daga ƙetaren Illela nike bin zancen. Wajenmu abin ya bi wata hanya. Kakanninmu abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne aikin tilas, har wasu sunka gudo nan wajenku saboda shi. Ba yaji ya kashe shi ba, doka ce anka yi a majalisar Faransa a 1946, wadda Houphouët-Boigny ya kai, don mu Faransi ta ba mu kujeru a Paris. Babban yajin reluwe na ƙasashen Faransi ya fara 10 ga Oktoba 1947, bai ƙare ba sai Maris 1948, sama da wata biyar, kuma abin da sunka nema shi ne a yi musu tsarin aiki ɗaya da Turawa. Mu Nijar ba mu da dogo, bai taɓa mu ba kai tsaye. Amma Djibo Bakary, shugaban gwamnatin Nijar a 1958, daga ƙungiyar ƙwadago ya fito. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 ya ce a jefa a'a, a karɓi 'yanci nan take, kamar Sékou Touré na Gine. Gine ta ce a'a ta samu, Faransi sunka kwashe ma'aikatansu da kayansu don su hukunta ta. Nijar anka ce i ta yi rinjaye, bayan gwamnan da anka turo ya ja sarakuna gefenshi. Djibo ya faɗi, anka haramta jam'iyyarshi ta Sawaba a 1959, Diori Hamani ya karɓi ƙasa 3 ga Agusta 1960. Tambayata Malam, in wanda kake shawara da shi shi ke zaɓen wanda za ya zauna gabanshi, wannan shawara ce?

Malam Umaru Tambuwal: Malam Mamman, tambayarka tana da nauyi. Misali ɗaya nake da shi inda mai mulki bai samu zaɓin da yake so ba. A Gana Nkrumah ya kira yajin gama-gari da ƙauracewa a Janairun 1950, yana da jaridarsa Accra Evening News, aka ɗaure shi. A zaɓen Fabrairun 1951 jam'iyyarsa ta yi rinjaye yana kurkuku, Gwamna Arden-Clarke ya sake shi ya ba shi jagorancin gwamnati. Can jam'iyya ɗaya ce ta haɗa ma'aikata da jarida da ƙuri'a a hannu guda. Djibo yana da ma'aikatan birni amma ƙuri'ar karkara na bin sarakuna. NEPU ma irin wannan ta gamu da shi a 1951: ta yi kyau a zagayen farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa nata mutane a matakin sama, sai ta tashi ba ta da kujera.

Baba Muhammadu Kanwuri: Malam, ka ambaci 15 ga Maris 1959 ka wuce da sauri. Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa sunka ci Sakkwato a filin Giginya. Shekara 56 cif. Sardauna jinin Bello ne, bai zaɓi wagga rana a banza ba. Ku ce an jinkirta, ni dai na ga tsofaffin da sunka ga 1903 da idonsu suna hawaye a 1959.

Kwamared Sani Runjin Sambo: Allah ya ja kwana Baba. Ban raina hawayensu ba. Amma telan unguwarku da aka tasa ƙeyarsa, shi ma ya ga 1959, kuma alƙalin da ya ɗaure shi yana nan a kujerarsa washegari. Ni a nan na tsaya.

Nasiru Mabera: Hajiya Asabe, abu ɗaya nake son ji kafin in koma majalisa yau da dare. Ƙarin da Tudor Davies ya ce a yi, ya iso hannun Baba kuwa?

Hajiya Asabe Gusau: Ya iso, ɗana, cikin shekarar da ta biyo, har da ariyas na watannin baya. Anka kira su ɗaya-ɗaya a tashar Gusau, akawu na ƙirga suloli bisa tebur, kowa ya dangwala yatsa. Daga nan bai biya gida ba, wurin mai tuwo ya fara zuwa. Sunka ƙirga layukan gawayin tare, ya biya, ta sa tsumma ta goge bangon. Tasoshin Inna kuwa guda ɗaya kaɗai ya samu ya fanso, ɗayan an riga an kai shi kasuwar Talatar Mafara.